Takardun da shafin caca ya nema kafin ya biya ni kuɗin farko

Lokacin da nake zaune a Legas na buɗe asusu a wani shafin cacar ƙwallon ƙafa mai lasisi, kuma zuba kuɗi bai ɗauke ni minti biyar ba. Da na nemi cire naira dubu tamanin, sai aka dakatar da biyan, aka buƙaci katin shaida mai hoto, da takardar da ke nuna adireshina wadda ba ta wuce wata uku ba, da hoton fuskata ina riƙe da katin. Hukuncin caca a Musulunci sananne ne, har Hisbah ta rufe irin waɗannan shaguna a Kano, amma akwai mutane da yawa da kuɗinsu ya riga ya maƙale a shafukan, kuma dominsu nake wannan bayani.

Tushen buƙatar shi ne dokar hana halasta kuɗin haram ta Najeriya ta 2022, wadda ta sanya gidajen caca cikin sana'o'in da dole su san abokin hulɗarsu, a ƙarƙashin kulawar sashen SCUML na hukumar EFCC. Mai kuɗin sata yana iya zuba su a shafi, ya yi ɗan wasa kaɗan, sannan ya janye su zuwa wani asusu da sunan ribar caca, shi ya sa ƙofar fita ce aka fi tsarewa. Kamfanin yana kuma son tabbatar da cewa mutum ya kai shekara 18, cewa ba da katin bankin wani ya zuba kuɗi ba, kuma bai buɗe asusu da yawa don kwasar garaɓasar sababbin shiga ba. Duk da haka, a ganina karɓar kuɗin mutum ba tare da tambaya ba, sannan a tsananta bincike ranar biya, rashin adalci ne. A Birtaniya tun 2019 aka wajabta tantance suna da adireshi da ranar haihuwa kafin a bar mutum ya fara wasa.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne suna. A takardar NIN sunana Muhammad ne, haka kuma na rubuta a shafin, amma a asusun bankina an rubuta Mohammed tun ranar da aka buɗe shi. Na'urar da ke tantancewa tana gwada harafi da harafi ne, don haka ta ɗauke ni mutum biyu. Wannan matsala ta yawaita a cikinmu, domin wani yana amfani da sunan garinsu a wata takarda da sunan mahaifinsa a wata, wani kuma ranar haihuwarsa ta BVN ta saɓa da ta NIN. Na je banki da takardar NIN na cike fom na gyaran suna, na jira gyaran ya bayyana, sannan na sake turawa. Buɗe sabon asusu a shafin ba mafita ba ce, domin asusu biyu na mutum ɗaya yana cikin abin da ke sa a rufe duka.

Shaidar adireshi ma tana da tata wahalar, domin takardar kuɗin wuta ta gidan haya da sunan mai gida take fitowa, kuma ba a karɓarta. Abin da ya yi mini aiki shi ne bayanin asusun banki na wata uku a tsarin PDF, wanda shafinsa na farko ya nuna sunana da adireshi da kwanan wata. Na sake rubuta adireshin da ke shafin ya zama daidai da na banki, har lambar gida.

Hoton katin kuwa na ɗauke shi da rana a kan tebur mai duhu, ba tare da fitilar waya ba saboda ƙyallin leda yana rufe rubutu, kusurwoyi huɗu duka suna cikin hoton, gaba da baya. Hoton da aka yanke ko aka gyara, ko katin da wa'adinsa ya ƙare, dawo da shi ake yi. Kuɗin ma ta asusun da ke da sunan mutum ya kamata su shiga su fita, domin wanda ya zuba ta asusun ɗan'uwansa zai sha tambayoyi.

Idan aka nemi hoton katin banki, ana barin lambobi shida na farko da huɗu na ƙarshe, a rufe na tsakiya da ukun da ke baya. Takardu ta cikin shafin kansa ake ɗora su. Duk wanda ya kira ko ya turo saƙon WhatsApp yana neman PIN ko OTP, ko yana cewa a biya kuɗin tantancewa kafin a saki kuɗi, ɗan damfara ne, domin tantancewar kamfani mai lasisi kyauta ce.