Kar ku tada aji gaba ɗaya, benci ya isa

Ƙannena masu shiga koyar da Turanci a kwaleji, ga kuskuren da na tabka shekarata ta farko a nan Maradi. Darasin kwatanci ne, wane ya fi wane, wane ya fi kowa. Na ce yara su tashi su yi layi bisa tsawo, yara wajen tamanin a aji guda fa, sai ture-ture da ƙura, rabin awa ta tafi ba wanda ya yi jimla ko ɗaya, kuma yaron da ya zo ƙarshen layi har ƙarshen shekara gajere suke ce mishi. Laifina ne wallahi.

Abin da ban lura ba, yaran nan uku-uku suke zaune a benci, kuma uku shi ne daidai abin da darasin ke so. Biyu na kwatanci, na ukun shi ke kawo wanda ya fi duka.

Yanzu ga yadda nake yi. Ba mai tashi. Kowane benci su gwada bik ɗinsu ko taƙin hannunsu a kan tabur, na dama ya ce nashi ya fi na tsakiya tsawo, "longer than", na tsakiya ya juya maganar da "shorter than", na hagu ya rufe da "the longest". Minti biyu, sai in tafa su sauya matsayi. Bayan nan kowane layi ya zama ƙungiya, in rubuta garuruwa uku a allo, Maradi, Tasawa, Yamai, in nuna benci ɗaya ba tare da sun san wa zan nuna ba. Jimla daidai maki ɗaya. Wanda ya maimaita ta wani ba shi da komi.

Ku kasa kunne wurin abu biyu. Da Hausa muna cewa Yamai ta fi Maradi girma, kalmar girma ba ta canzawa, shi ya sa yaro zai ce "big than" ya bar wutsiyar "-er". Faransanci kuma yana sa "plus" gaban kusan kowace sifa, sai ka ji "more big". Ni da na haɗa musu "more expensive" tun ranar farko, ai na ƙara rikita su, har "more bigger" na ji. Ku tsaya kan gajerun kalmomi tukuna, dogayen sai wani zama, ranar ku kawo kuɗin tiyar gero da ta shinkafa, wannan duk sun san shi.

Kuma kar amsar taro ta ruɗe ku. In aji duka ya amsa da ƙarfi, yara goma ne na gaba ke jan sauran. Ku taka zuwa bencin baya, ku tambayi na jikin bango shi kaɗai.