Wata biyar da kalma ɗaya da suka raba ni da aiki a Abuja

Takardar ɗaukar aikin ta riga ta zo hannuna, na sanya mata hannu, har na fara neman ɗaki a Kubwa domin in dawo da iyalina daga Jos, kafin a kira ni a gaya mini an janye tayin. Aikin jami'in sayayya ne a wata ƙungiya mai zaman kanta, kuma na tsallake jarrabawar rubutu da ganawa biyu ba tare da wata matsala ba. Abin da ya kayar da ni layi biyu ne a takardar tarihin aikina, wadda kowa ke kira sibi, kuma ni na rubuta su da hannuna, babu wanda ya tilasta mini.

Ga gaskiyar yadda aikina na baya ya kasance. Na yi shekara biyu da wata bakwai a wani kamfanin gine-gine a Jos a matsayin mataimakin jami'in sayayya. A cikin wannan lokacin maigidana ya koma wani reshe, aka ba ni riƙon ofishinsa na wata bakwai, ina tattara farashi daga 'yan kwangila, ina kwatanta su, ina rubuta takardar odar kaya, ina kula da ma'aikatan sito biyu. Daga baya kamfanin ya rage ma'aikata a watan Maris, ina cikin waɗanda abin ya shafa, na zauna ba aiki. Sanarwar neman ma'aikacin ta ce ana son mai gogewar shekara uku. Sai na matsar da ranar barin aikina daga Maris zuwa Agusta, lissafi ya cika shekara uku daidai, sannan a gurbin muƙami na rubuta jami'in sayayya kawai, na cire mataimaki, ban kuma ambaci riƙo ba.

A lokacin ban ji a raina cewa ƙarya nake yi ba, kuma wannan ne ya fi damuna har yau. Na gaya wa kaina cewa ai na yi aikin ofishin da gaske, kuma wata biyar ba komai ba ne a rayuwar ma'aikaci. Abokai da dama sun sha faɗa mini cewa kowa na ƙara wa miyarsa gishiri a sibi, wanda bai ƙara ba shi ake bari a baya. Akwai gaskiya a maganar, amma ban tsaya na bambance gishiri da canja tukunya gaba ɗaya ba.

A cikin sibin nan akwai wuraren da na kambama kaina sosai kuma babu wanda ya ɗaga mini gira. Na rubuta cewa na ƙware wajen ciniki da masu kawo kaya, na rubuta cewa na taka muhimmiyar rawa wajen rage kuɗin da muke kashewa a kan man dizal, alhali mu uku muka yi aikin. Waɗannan maganganu ne na ra'ayi da kimantawa, mai ɗaukar aiki ya san mai nema zai yabi kansa, zai kuma gwada shi a wajen ganawa ya ga ko yabon ya tsaya da ƙafarsa. Muƙami da ranar fara aiki da ranar barinsa da takardar shaidar karatu kuwa wani abu ne dabam, domin kowannensu yana rubuce a fayil ɗin wani ofishi da ba ni nake riƙe da makullinsa ba. Duk abin da ke da amsa ɗaya tak a rubuce a wani wuri, idan ka faɗi saɓaninsa domin a ɗauke ka, ka bar fagen kambamawa ka shiga yaudara, ko da bambancin kalma ɗaya ce. Kuma nawa ya fi muni saboda na canja ranar ne daidai domin in cika sharaɗin da sanarwar ta gindaya, wato ƙaryar ta taɓa ainihin abin da aka dogara da shi wajen zaɓe na.

Ranar da na karɓi takardar tayin, an haɗa mini da fom guda biyu. Ɗaya na amincewa ne a binciki bayanaina, abin da ƙungiyoyi suka ƙara mayar da hankali a kansa tun bayan dokar kare bayanan mutane ta 2023. Ɗayan kuma shaida ce cewa duk abin da na rubuta gaskiya ne, kuma idan aka gano saɓanin haka ana iya janye tayin, ko a sallame ni ko da na riga na fara aiki. Na sanya hannu a tsaye a gaban teburin sakatariya, ban karanta sakin layi na ƙarshe da natsuwa ba. Da na zauna na karanta shi, da har a wannan lokacin ina da damar in ce akwai abin da nake son gyarawa.

Na ɗauka binciken bai wuce a kira mutum biyun da na bayar a matsayin masu shaida ta ba, kuma na san duk za su yabe ni. Ashe hanya biyu ake bi, kuma ba su haɗu ba sai a teburin mai yanke hukunci. Kamfanin da aka ba aikin binciken bai yi amfani da lambar wayar da na rubuta ta tsohon wurin aikina ba, shi ya nemo adireshin ofishin kula da ma'aikata da kansa, ya aika musu fom mai gajerun tambayoyi: ranar da na fara, ranar da na bari, muƙamina na ƙarshe, dalilin barin aiki, da ko za su sake ɗauka ta. Wanda ya cike fom ɗin bai ma san ni ba, fayil ya buɗe ya kwafe abin da ya gani. Ya rubuta mataimaki, ya rubuta Maris.

Hanya ta biyu ita ce hira da tsohon maigidana, kuma a nan abin ya fi yi mini ciwo, domin yabona ne ya tona ni. An tambaye shi irin nauyin da na ɗauka, sai ya ce yaro ne mai amana, har ma da ya tafi reshe ni aka ba riƙo na wata bakwai duk da ina mataimaki, kuma ya yi takaici da ragin ma'aikata ya haɗa da ni tun kafin damina. Bai san abin da na rubuta ba, domin ban taɓa tura masa sibin ba. Da na kira shi daga baya, cewa ya yi, “Haba ɗana, me ya sa ba ka nuna mini takardar ba kafin ka aika? Ai da na ce maka ka rubuta riƙon nan ɓaro-ɓaro, shi ne abin alfaharinka.” Na ce, “Yallaɓai, kuskurena ne, ku yi haƙuri na sa ku cikin wannan hali.” Ban sami abin ƙarawa ba.

Duk da haka ba su yanke hukunci nan take ba. Shugabar sashen ma'aikata ta kira ni ta ce an sami saɓani a ranaku, ta nemi in kawo takardar sallama da bayanin asusun fanshona. Wanda bai taɓa duba wannan bayanin da kyau ba ya kamata ya duba. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki yana zuba aƙalla kashi 10, kuma bayanin asusun yana nuna sunan wanda ya zuba kuɗin da watan da aka zuba dominsa. Shi kaɗai ba hujja ba ne, domin kamfanoni da yawa suna jinkirta zubawa ko su tsallake watanni, kuma mai bincike na kirki ya san haka. Amma nawa ya tsaya cak a Maris, takardar sallama ta ce Maris, ofishin ma'aikata ya ce Maris, maigidana ya ce kafin damina. Ni kaɗai na ce Agusta.

A wannan kiran na yi kuskure na biyu, wanda ina ganin shi ya rufe ƙofar. Maimakon in amsa laifi, sai na ce wataƙila kuskuren bugu ne. Hajiyar ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, “Malam, ranar tana cikin sibi, tana cikin fom ɗin da ka cike da biro, kuma ka maimaita shekara uku a gaban kwamiti.” Kuskuren bugu sau ɗaya yake faruwa. Abin da ya bayyana iri ɗaya a wuri uku niyya ce, kuma ita ta fi ni sanin haka.

Abin da ta faɗa a ƙarshe shi ne har yanzu yake hana ni barci wani lokaci. Ta ce kwamitin ya ga shekarar da na yi ta bautar ƙasa a sashen sito na wata ma'aikata, kuma da sun lissafa mini ita a cikin gogewa, wato da gaskiyata ma na haura shekara uku. Ta ce zaman wata biyar bayan ragin ma'aikata ba abin da zai hana su ɗaukar mutum ba ne. Matsalar ita ce kujerar sayayya kujera ce ta takardu, ta rasit da farashi da ranaku, kuma ba za ta iya kai wa masu ba su tallafi fayil ɗin jami'in da aka kama ya canja rana a takardarsa ta farko ba. Ban ji daɗi ba, amma ban ga inda ta zalunce ni ba.

Mu a ƙasar nan idan aka ce ƙarya a takardun aiki, hankalinmu yana tafiya ne ga manyan labarai. Muna tuna Salisu Buhari da ya sauka daga shugabancin majalisar wakilai a 1999 saboda shekarunsa da digirin Jami'ar Toronto da bai yi ba, da Kemi Adeosun da ta ajiye muƙamin ministar kuɗi a 2018 saboda takardar yafe bautar ƙasa da ta zama ta jabu. Saboda haka ni da nake da digirina na gaske da takardar kammala bautar ƙasa ta gaske, na ɗauka ina can nesa da wannan layin. Jabun takarda laifi ne da kan kai mutum kotu, nawa bai kai can ba, amma sharaɗin da na sanya wa hannu bai bambance babbar ƙarya da ƙarama ba.

Bayan wannan na zauna na sake rubuta sibin, takardun asali a gabana: takardar ɗauka, takardar ba ni riƙo, takardar sallama, da bayanin fansho. Muƙamin na rubuta shi yadda yake a fayil, mataimakin jami'in sayayya, a ƙarƙashinsa na sa layi dabam cewa na riƙe ofishin na wata bakwai, da watan farawa da na ƙarewa. Inda muka yi aiki mu uku na rubuta abin da ni na yi a ciki, wato tattara farashin dillalai da kwatanta su. Watannin zaman gida na bar su a fili, na shirya jimla ɗaya da zan faɗa idan an tambaya. Sannan na tura wa masu shaida ta biyu kwafi kafin in aika ko'ina, na roƙe su su nuna mini duk inda suka ga bai yi daidai da abin da suka sani ba. Tsohon maigidana ya gyara mini wata ɗaya a lokacin riƙon, ashe ni ma na manta, a Yuni na karɓa ba a Mayu ba.

Na ɗauki kusan shekara kafin in sami wani aikin, a wani kamfani a Abuja, da albashin da bai kai na wancan ba. Su ma sun yi bincike, ya ɗauki mako uku, kuma a wajen ganawa tambayar da suka fi daɗewa a kanta ita ce yadda na tafiyar da ofishin a watanni bakwai ɗin nan na riƙo.