Talata a Tawa: pil mai jan ƙarfe biyu da milibolt ɗin da suka ƙi cika

Zafin yau ya kai inda ake jinsa. Da ƙarfe goma na safe ma'aunin zafin da ke rataye a ɗakin gwaji ya nuna 40. Na rubuta lambar a kusurwar allo tun kafin ɗalibai su zauna, don na san za mu neme ta a lissafi.

Jiya da marece na haɗa ruwan gwajin. Na auna giram 2,5 na shuɗin gishirin nan, silfat na jan ƙarfe, na narka shi a tataccen ruwa har ya cika mililita 100. Kaurinsa ya zama mol 0,10 a lita. Na ɗebi mililita 10 daga ciki na cika da ruwa zuwa 100, na samu 0,010. Na sake yin haka da na biyun, na samu 0,0010. Na farko shuɗi ne sosai, na biyu ya koɗe, na uku sai ka ɗaga shi a haske kafin ka yarda akwai wani abu a ciki.

Ɗaliban sun saba da pil mai ƙarafa biyu mabambanta, tutiya da jan ƙarfe, mai ba da bolt 1,10. Yau kuwa jan ƙarfe ne a kofin dama, jan ƙarfe a na hagu, duka daga wayar lantarki guda na yanko su na goge da sanfefa. Sai wata ɗaliba da ke zama a gaba ta ce: "Mushe, in ƙarfen ɗaya ne, mi zai tura lantarkin?" Na ce ta riƙe tambayarta, mita za ta fara ba ta amsa.

Muka fara zuba ruwa mai kauri ɗaya a kofuna biyu, muka haɗa su da gadar gishiri, wato takardar tacewa da aka jiƙa da nitirat na fotasiyom. Muka sa mita a kan 200 mV. Ta tsaya dab da sifiri. Wannan matakin ba na tsallake shi, domin in ruwan ɗaya ne amma mita ta nuna milibolt da yawa, to ɗaya daga cikin wayoyin bai gogu ba, akwai tsatsa ko maiƙon yatsa a jikinsa, kuma duk abin da aka auna bayan nan banza ne. Daga nan muka sa 0,10 a kofi guda, 0,0010 a ɗayan, da sabuwar takarda. Lamba ta fito.

Abin da ke faruwa shi ne pil ɗin na neman daidaita kaurin kofunan biyu, amma ta hanyar waya. A kofi mai tsinkakken ruwa, jan ƙarfe na narkewa, yana sakin iyon Cu²⁺ cikin ruwa, ya bar elektoron biyu a waya. Nan ne anod. Elektoron su bi waya zuwa kofi mai kauri, inda iyon Cu²⁺ ke karɓarsu su manne a jikin ƙarfe. Nan ne katod, kuma shi ne gefen da ke ɗauke da alamar +. Tsinkakke na ƙara kauri, mai kauri na tsinkewa. Ranar da suka yi daidai, mita ta koma sifiri, pil ya mutu.

Na rubuta musu ƙa'idar Walther Nernst, Bajamushen da ya fito da ita a 1889. Tun da ƙarfen ɗaya ne, E°, wato bolt ɗin da bambancin ƙarafa ke bayarwa, sifiri ne, sai abin da ya rage:

```
E = (2,303RT / nF) × log(C₁ / C₂)
```

C₁ kaurin kofi mai kauri ne, C₂ na tsinkakke, T zafi ne a kelbin, R da F lambobi ne da ba su canzawa, n kuma 2 ne saboda kowane iyon na jan ƙarfe elektoron biyu yake karɓa. Littattafai na ba da 0,0592 a madadin 2,303RT/F, ɗalibai kuma su haddace ta kamar ba ta motsi. Tana motsi. Ta zafin digiri 25 ce, wato kelbin 298. Ɗakinmu na kelbin 313, sai ta zama 0,0621. A raba biyu, 0,031. Ma'ana duk lokacin da kaurin kofi guda ya ninka na ɗayan sau goma, milibolt 31 ake samu. Namu ya ninka sau ɗari, logaritim ɗin ɗari 2 ne, lissafi ya ce milibolt 62.

Nan na daɗe, domin nan ne hankali ke tirjewa. Wani ɗalibi ya ce shi dai in kauri ya ninka sau ɗari, ya kamata ƙarfin ma ya ninka sau ɗari. Na sa shi ya lissafa da kansa. Ninki goma, 31. Ninki ɗari, 62. Ninki dubu, 93. Kauri na tafiya da ninki, bolt na tafiya da ƙari, aikin logaritim ke nan. Ko za a ninka sau miliyan, 186 kawai za a gani, bai ma kai kashi ɗaya cikin takwas na pil ɗin tocila mai bolt 1,5 ba. Shi ya sa ba a kunna rediyo da irin wannan pil. Aikinsa awo ne, kuma a kan wannan ƙa'ida mitar pH ke aiki, milibolt kusan 59 ga kowane mataki ɗaya na pH a digiri 25.

To amma mitarmu ba ta ce 62 ba. Wajen 41 ta tsaya. Ajin ya ɗau surutu, wasu na cewa mita ce ta lalace. Ba ta lalace ba, kuma wannan giɓin shi ne abin da na fi so su tafi da shi gida. Ƙa'idar Nernst ba yawan gishirin da aka zuba take ƙirgawa ba, iyon da ke sake, masu iya aiki, su take ji. A ruwa mai kauri, Cu²⁺ da SO₄²⁻ na jan juna da ƙarfi, kowanne da caji biyu, har wasunsu su riƙa tafiya bibbiyu. Kamar ranar kasuwa ne a cunkoso, mutum na nan amma ba shi da sararin miƙa hannu. A ma'aunin da masana suka yi a digiri 25, rabon da ke aiki a 0,10 kusan 0,15 ne kawai, a 0,010 kusan 0,4, a 0,0010 kuwa kusan 0,74. Muka sake lissafi: 0,10 sau 0,15 ya zama 0,015, 0,0010 sau 0,74 ya zama 0,00074, kuma 0,015 a raba da 0,00074 ya ba da wajen 20, ba 100 ba. Logaritim ɗin 20 shi ne 1,3. A ninka da 31, milibolt 40. Ɗan abin da ya rage tsakaninsa da 41 gadar gishiri kaɗai na iya kawo shi.

Don kada su ɗauka dabara ce na ƙirƙiro don lissafi ya fita, muka gwada bibbiyu. Tsakanin 0,10 da 0,010 mita ta ba da wajen 18. Tsakanin 0,010 da 0,0010 ta ba da wajen 24. Ninkin ɗaya ne, sau goma, amma na tsinkakkun ya fi kusa da 31. Iyakar tsinkewar ruwa, iyakar kusantar ƙa'idar a sauƙaƙenta.

Rukuni ɗaya sun ga alamar ragi gaban lambarsu, wayoyin mita ne suka juya, alhali jar waya kofi mai kauri ya kamata ta je. Wani rukuni kuma lambarsu ta riƙa tsalle ba ta tsayawa. Takardar gadarsu ce ta bushe a tsakiya, da wannan zafi ba ta daɗewa. Ɗigo kaɗan na nitirat ya mayar da ita.

Bayan la'asar na wanke kofuna, na tara shuɗin ruwan a gora mai marfi, don ba a zubar da shi inda dabbobi ke sha. Ranar Alhamis zan ba su kwalbar da ban rubuta kaurinta ba, su haɗa ta da 0,0010, su karanta mita, su juya ƙa'idar su gaya mini abin da ke ciki. Zan haɗa ta tsinkakkiya, ƙasa da 0,010, don lissafinsu ya zo kusa.