Manhajar ajami ta shiga Play Store, amma sai da na ji a jikina

Alhamdulillah. Yau bayan asuba na duba imel na ga an amince, manhajata ta koyar da yara baƙaƙen ajami ta hau Play Store. Wallahi sai da na sake karantawa sau biyu don ban yarda ba. Bari in rubuta abin da ya riƙe ni tun kafin in manta, musamman ga ƴan uwa da muke koyo tare nan Sakkwato, don na san akwai masu shirin turawa.

Dala 25 ta rajista ba ta yi min zafi kamar neman katin da zai biya ta ba, katina na naira ƙememe ya ƙi, sai da wani abokina a Mabera ya biya min da katin dalarsa na maida masa. Gwajin mutum 12 na kwana 14 da ake ɗora wa sabon asusu shi ma ya ci min kuɗi, don rabin masu gwajin ƙannena ne da ƴaƴan maƙwabta, kowa sai ka saya masa data kafin ya sauke. Hotuna kuwa ba su ba ni wahala ba sai abu ɗaya: wayata tana ɗaukar 1080 da 2400, ƙa'ida kuma ta ce tsawo kada ya wuce ninki biyu na faɗi, sai na yanke su duka zuwa 1080 da 1920 aka wuce wurin.

Inda na faɗi shi ne maganar shekaru, kuma laifina ne tsaf. Na ɗauka Content rating da Target audience and content abu ɗaya ne. Ashe na farkon tambayoyin IARC ne kawai, shin akwai faɗa, akwai caca, akwai batsa, ka amsa su ba ka maki. Tawa babu ko ɗaya, ta samu na kowa da kowa, na ce shi ke nan an gama. Na biyun kuma tambayarsa daban, wa ka yi wa manhajar? A nan na ga cewa in ka taɓa duk wani rukunin da ke ƙasa da shekara 13 ka shiga ƙarƙashin dokokin Families na manhajojin yara, sai na yi wayo na danna 18 zuwa sama kawai don in huta.

Wayon bai kai ko'ina ba. Bayan an gama gwaji na zauna na gyara shafin manhajar a Play Store, na sa raƙumi na zane yana murmushi a kowane hoto, gajeren bayanin nan mai harafi 80 kuma da hannuna na rubuta cewa don yara ƴan makarantar allo ne. To mai dubawa ba makaho ba ne. Aka dawo min da ita, abin da na zaɓa bai dace da abin da shafin ke nunawa ba. Na yi fushi a daren nan ba kaɗan ba, amma da gari ya waye na duba shafin nawa da idon baƙo, ni kaina da ni ne mai dubawar da na ƙi ta. Yayata da ke koyarwa a Islamiyya, wadda ita ce ta karanta min sautin baƙaƙen, da na ba ta labari cewa ta yi "to mi ya kai ka yi musu ƙarya, ba don yaran ka yi ba?" Ban da amsa.

Hanya biyu ce, ko in cire raƙumin da duk kalmar yara, ko in faɗi gaskiya. Na koma na zaɓi 6 zuwa 8 da 9 zuwa 12. Daga nan ne kwana huɗun da suka fi ci min rai suka fara.

Manhajar da aka yi wa yara zalla ba a yarda ta aika lambar talla ta waya ba, kuma bai kamata ma ta nemi izinin AD_ID ba. Ni ban sa talla ko ɗaya ba, don haka na je wurin Advertising ID na maida amsata No hankali kwance. Ina zuwa fitar da sabon siga sai jan rubutu, wai na ce ba na amfani da ita amma izinin yana cikin manhajata. Na buɗe AndroidManifest.xml na karanta layi-layi, babu. Na yi bincike a duk foldar, babu. Ga zafin garin nan, ga wuta da ba ta zama, kwamfutar tana huci kamar tukunya, ni kuma ina ta neman abin da ban rubuta ba.

Abin da ban sani ba shi ne fayil ɗin da kake gani ba shi ake turawa ba. Lokacin haɗawa, duk laburaren da ka jawo yana zuba nasa izinin a ciki. In ka buɗe fayil ɗin a Android Studio, can ƙasa akwai Merged Manifest, danna shi ka ga cikakken, har ya nuna maka daga ina kowane layi ya fito. Nawa daga Firebase Analytics ya shigo, wanda na saka tun farkon aiki don in ga baƙin da yara suka fi maimaitawa, na ma manta yana nan. Ga abin da na ƙara:

```xml
<uses-permission
    android:name="com.google.android.gms.permission.AD_ID"
    tools:node="remove" />

<meta-data
    android:name="google_analytics_adid_collection_enabled"
    android:value="false" />
```

Na farkon a ƙarƙashin `<manifest>` yake zama, na biyun a cikin `<application>`, kuma in ba ka sa `xmlns:tools="http://schemas.android.com/tools"` a saman fayil ɗin ba, ba zai haɗu ba sam. Na duba Merged Manifest, izinin ya fita. Na ƙara versionCode, na haɗa sabon AAB, na ɗora ina murna.

Maganar ba ta mutu ba. A nan kam na rufe kwamfuta na tafi na sha fura.

Washegari da kai ya huce sai na tuna tsohon sigar da ƙannena suka gwada yana nan daram a Closed testing, akwai wani ma da ya fi shi tsufa a Internal testing wanda na manta da shi gaba ɗaya, dukansu da izinin a jikinsu. Amsar da ka ba da ta shafi duk sigar da ke aiki a kowane layin fitarwa, har da na gwaji, ba wanda ka ɗora yau kaɗai ba. Na bi layukan ɗaya bayan ɗaya na maye su da sabon. Sai na koma Data safety na sake cikewa a natse, don Analytics ɗin yana nan yana tattara yadda ake amfani da manhajar, cire lambar talla bai sa in ce ba na karɓar komai ba. Takardar sirri ma na gyara ta ta faɗi abu ɗaya da fom ɗin. Na tura, na daina duba imel kowane minti biyar, yau ta fito.

Yanzu yayar tawa ta sauke a wayarta, ta kira ni wai sautin baƙi ɗaya yana yankewa kafin ya ƙare, kuma raƙumin ya rufe ɗigon wani a ƙaramar waya. Da la'asar zan je Runjin Sambo mu sake ɗaukar sautin, in yaran gidan sun bar mu mun samu shiru.