Ni zabiya ne, kuma a bakin hanya nake kasuwanci

Shagona na kayan masarufi yana bakin titi a Mabera, don haka duk wanda ya wuce sai ya gan ni. Ni kuwa ba kowa nake gani ba. Mutumin da ke tsallaken titi, inuwarsa kawai nake hange, ba na rabe fuskarsa sai ya matso kamar taku biyar. Saboda haka kallon da ake yi mini, yawanci da kunne nake gane shi: hira ta tsaya cak, ɗan kabu-kabu ya rage gudu, ko yaro ya ce wa ɗan'uwansa, "Kai, ga Bature!"

Na daɗe ina sunkuyar da kai in wuce. Abin da hakan ya jawo mini shi ne sunan girman kai. Wani dattijo a unguwarmu ya taɓa kai ƙarata wurin mahaifina, wai yana ɗaga mini hannu daga nesa ina share shi. Wallahi ban taɓa ganin hannun ba. Tun daga ranar na sauya. Duk inda na ji motsin mutane, ni nake fara yin sallama, da murya mai ƙarfi, ko na san su ko ban san su ba. Sallama tana da wani amfani da ban zata ba. Wanda ya zuba maka ido, da zarar ka ce masa salamu alaikum, dole ya amsa, kuma mutum ba ya iya amsa sallama yana ci gaba da kallonka kamar kayan kallo. Da yara kuma nakan durƙusa in tambayi sunan wanda ya fi ɗaga murya, in gaya masa nawa. Gobe da sunan zai kira ni. Dabarar ba ta ci a kan matasan majalisa da suka taru don tsokana. Su kam amsa suke nema, ni kuma ba na ba su.

Tausayi ya fi kallo ciwo, domin mai yin sa da zuciya ɗaya yake yi. Wata Juma'a ina fitowa daga masallaci, wani bawan Allah ya cusa mini naira ɗari biyu a hannu ya ce, "Allah ya ba ka lafiya." Na tsaya da kuɗin a hannu, raina a ɓace, alhali da safen nan na biya yaron shagona kuɗin mako. Yanzu ina da amsar da na tanada. Addu'ar nakan karɓa, in ce, "Amin, mu duka." Kuɗin kuma in ce, "Na gode Alhaji, ina da sana'a, ga masu buƙata nan," in nuna masa bakin ƙofa. Ladarsa ba ta ɓace ba, ni ma ban koma gida da ƙunci ba.

Tambayoyi kuwa na raba su gida biyu. Akwai na son jin kwakwaf: ko da dare na fi gani, ko wata mace ta yarda ta aure ni, ko gaskiya ne zabiya ba ya mutuwa sai dai ya ɓace. Waɗannan jimla ɗaya suke samu, "Haka Allah ya halicce ni," sai in tambayi mutum abin da zai saya. Ba kowa nake bin bashin bayani ba, kuma ran da na gaji ko jimlar ba na yi. Abu guda nake bayyanawa ba tare da an tambaya ba: idan na kai takardar kuɗi dab da idona, nakan ce, "Idona ne, ba kuɗinki nake zargi ba." Kafin in fara faɗin haka na rasa masu ciniki da dama.

Gida na biyu shi ne tambayar da ke da wani a bayanta. Ana gane ta, domin mai yin ta yakan yi ta kewaye-kewaye, ya rage murya. Wata rana da zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a Sakkwato, wata tsohuwa ta sayi omo da ashana ta ƙi tafiya. Can ta ce, "Ɗana, kai kana cin gishiri?" Na ce, "Ina ci, Inna. Wa ke gare ki?" Ashe jikarta ce, shekara biyu, zabiya. Sun hana ta abinci mai gishiri, amma baƙaƙen ɗigo sai ƙaruwa suke a fuskarta da wuyanta. Uban yarinyar kuma ya fara maganganu, tunda shi da matar duk baƙaƙe ne.

Na ba ta benci na ce wa yaro ya kula da ciniki. Na fara da maganar uban, don ita ce mai iya kashe aure. Zabiyanci gado ne, kuma sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittar, ko da babu alama a jikinsu. Idan haka ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da zabiya. Iyayena baƙaƙe ne, mu shida suka haifa, ni kaɗai na fito haka. Na ce ta gaya masa rabin abin daga jininsa yake.

Sai gishiri. Babu ruwansa. Jikinmu ba ya yin isasshen melanin, sinadarin da ke ba fata launi yana kuma kare ta daga rana. Ɗigon nan aikin rana ne. Na tambaye ta inda yarinyar ke wuni, ta ce tsakar gida, da ɗan kamfai kawai saboda zafi. Nan matsalar take. Na ce daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma a ajiye ta a inuwa, a sa mata riga mai dogon hannu ta auduga da hula mai baki. Na nuna mata malfata, na ce hular zanna ba ta rufe kunne da ƙeya, kuma can ne rana ta fi cin mu. Na ɗauko man da nake shafawa don kare fata daga rana na nuna mata rubutun SPF 50 a jikin robar, don ta gane shi a kantin magani. Ana sake shafa shi duk bayan awa biyu idan ana waje, kuma yana da tsada, shi ya sa na ce inuwa da sutura su ne na farko. Na ja kunnenta a kan abu ɗaya: duk wani gyambo ko ɓawo da ya yi makonni bai warke ba, a kai wa likita, kada a tsaya shafe-shafe, domin haka kansar fata ke farawa, kuma idan an kama ta da wuri ana cire ta.

Ta tambayi rawar da idon yarinyar ke yi, ko iska ce. Na cire tabarau na ce ta duba nawa. Rashin melanin ɗin nan ne ke shafar ginin ido tun a ciki. Tabarau yana taimakawa amma ba ya gyara gani gaba ɗaya, don haka idan ta isa makaranta a roƙi malami ya zaunar da ita a layin gaba, nesa da hasken taga. Ni sai da na kai aji huɗu ina kwafar rubutu daga littafin na kusa da ni, ana ce mini malalaci.

Bayan mako biyu ta dawo da yarinyar a goye, an ɗora mata hular saƙa mai faɗi. Ta kwance ta ta ce, "Gaida kawunki." Yarinyar ta matso dab da fuskata, ta karkata kai gefe, tana duba na yadda ni ma nake duba takardar kuɗi.