Laraba, ranar rahoton rufe aikin bohol

Yau tun safe muna ofis a Rayfield kan rahoton darussan aikin bohol mai sola da muka gama a ƙauyukan wajen Mangu da Pankshin, kai, sanyin Jos ma bai bar mutum ya yi tunani da kyau ba sai da aka kawo shayi. Wanda aka ba haɗa rubutun farko ya kawo shafi 38, an jero komai daga ranar da aka sa hannu har ranar miƙa makulli. Oga ta ɗan duba ta ajiye ta ce, Injiniya, tsakani da Allah in an ba ka sabon aiki gobe za ka zauna ka karanta wannan? Na ce a'a Hajiya, ko ni da na yi aikin ba zan karanta ba.

A ciki akwai layi wai “a inganta sa ido kan ƴan kwangila”. Wannan ba darasi ba ne, fata ne kawai, babu wanda zai karanta shi ya san me zai yi daban ranar Litinin. Sai muka ɗauki abin da ke ƙarƙashin layin muka warware shi, kuma nan muka ci kusan rabin yini.

Abin da ya faru shi ne, wasu daga cikin rijiyoyin an yi musu gwajin ruwa a watan Agusta, tsakiyar damina, ruwa ya cika ƙasa, aka ga yana fitowa da ƙarfi aka sa famfo daidai da wannan zurfin. To ƙasar nan dutse ce, ruwan yana zama ne a ruɓaɓɓen dutse na sama da cikin tsage-tsage, rani na yi sai ya ja baya, zuwa Maris famfo biyu sun fara shan iska, tanki ba ya cika, ɗaya ma ya ƙone. Abin haushin kuma, a yarjejeniyarmu wata 6 ne ɗan kwangila ke da alhakin gyara, daga Agusta ka ƙirga ka ga Fabrairu ke nan, an riga an biya shi kashi 5 cikin 100 da aka riƙe kafin ruwan ya kai ƙarshen sauka. Mutumin bai karya doka ba fa, takardarmu ce ta bar ƙofar a buɗe, shi ya sa na ƙi a sa sunan kowa. In rahoto ya koma neman mai laifi, aiki na gaba ba wanda zai faɗi gaskiya a mitin.

Yanzu kowane darasi rabin shafi ne. Kansa umarni ne kai tsaye: kada a saki kuɗin da aka riƙe sai rijiya ta wuce Afrilu tana ba da ruwa. Ƙarƙashinsa layi biyu na abin da ya faru, sai dalili, sai abin da ya ci mana na kuɗi da lokaci don wanda ke gaggawa ya san ko ya dace ya tsaya, sai kuma inda darasin bai shafa ba, misali in an yi gwajin a ƙarshen rani babu buƙatar tsawaita wa'adin. Wannan na ƙarshe mutane kan manta shi, sai ka ga an ɗauki darasin Filato an kai inda ƙasa yashi ce ana wahalar da ɗan kwangila a banza.

Mun kuma fasa jerawa bisa yadda abubuwa suka faru, mun jera bisa lokacin da mutum zai buƙace su, na lokacin kasafi daban, na ba da kwangila daban, na fili, na miƙa wa al'umma. Mai shirya takardar kwangila shafi biyu kawai zai buɗe.

Gardamar da muka yi da akanta ita ce kan layin ƙarshe, wato wa zai canza wace takarda kuma zuwa yaushe. Shi yana ganin wannan ya wuce aikin rahoto, ni kuwa na ce Malam, fayil nawa ne a kwamfutar ofis ɗin nan da ba a taɓa buɗewa ba tun da aka ajiye? Amma samfurin yarjejeniya dole kowa ya buɗe shi, in an gyara sakin layin wa'adi a can, ko wanda bai taɓa jin labarin Mangu ba zai bi. Oga ta goyi bayana, ta ce mai kula da sayayya ya gyara kafin ƙarshen wata ya turo mata ta gani.

Darussa 9 suka rage cikin tarin da aka kawo, sauran mun tura su rataye. Gobe zan kira masu kula da famfo na ƙauyukan, don har yanzu ɓangaren miƙawa bakinmu kaɗai ke ciki, nasu bai shiga ba.