Farin da ke kan kofin gilashi ba iri ɗaya ba ne

Aikinmu gyaran injin wanke kwanuka ne, ni da yaran shagona, kuma kiran da ya fi yawan zuwa mana ba na injin da ya mutu ba ne. Injin yana aiki lafiya lau, amma kofunan gilashi suna fitowa da hazo, ko da wani farin abu kamar gari. Mai injin yakan ce a zo a duba, ƙila famfon ciki ne ya lalace. Sau da yawa ko sukuddireba ba ma ɗagawa. Abin da na fara koya wa duk yaron da ya shigo aikin nan shi ne, kafin ya taɓa injin, ya ɗauki kofin tukuna.

Gwajin ba wuya. Ka jiƙa yatsa da ruwa ka goga a jikin kofin. Idan farin ya tafi nan take, ka ɗanɗana kuma ka ji gishiri, to murfin ma'ajiyar gishirin da ke ƙasan injin ne bai rufu da kyau ba, ko robarsa ta tsage, ruwan gishiri yana malalowa cikin wanki. Idan ruwa bai ɗauke shi ba, sai ka ɗiga ruwan khal a tsumma ka goge. Ya tafi? Wannan ɓawon da ruwa mai tauri ke bari ne, irin wanda ake gani a gindin butar dafa ruwa. In kuwa khal ya wuce hazon yana nan daram, to ba wani abu ba ne ya hau kan gilashin. Gilashin ne da kansa ya ciwu, kuma babu maganin da zai dawo da shi.

Na biyu da na uku su ne suke rikita mutane, domin a ido kamanninsu ɗaya, maganinsu kuwa kishiyar juna ne.

Ruwa mai tauri shi ne wanda kalsiyam da magnesiyam suka yi yawa a cikinsa, wanda sabulu ba ya kumfa sosai da shi. Injunan da ke da ma'ajiyar gishiri suna da wani ɗan tanki cike da ƙananan ƙwayoyin roba da ruwa ke ratsawa kafin ya shiga wanki. Ƙwayoyin nan suna kama kalsiyam su saki sodiyam a madadinsa. Idan suka cika, sai injin ya kwarara musu ruwan gishiri ya wanke su, su koma aiki. Gishirin ba wanke kwano yake yi ba, bai ma kamata ya taɓa kwanon ba. Saitin taurin ruwa kuma shi ke gaya wa injin yawan wannan wankin da zai riƙa yi wa ƙwayoyin. Injuna da yawa ba sa auna ruwan da kansu, abin da ka gaya musu shi suke ɗauka.

Wata baiwar Allah ta kira mu a kan kofunanta masu tsada da suka dusashe. Da na isa, na tarar ta riga ta yi iya ƙoƙarinta: ta kai saitin taurin ruwa ƙarshe, a allon injin nata `H:07` ke nan, tana saka ƙwayar sabulu biyu maimakon ɗaya, tana zaɓar wankin digiri 70, kuma kafin ta jera kwanukan sai ta ɗauraye su tas a famfo. Na goga khal a kofi ɗaya, ko gezau. Da na ɗaga shi wajen taga sai ga wani launi kamar bakan gizo a jikinsa, gefen baki kuma ya yi fari. Na tsoma takardar gwaji a ruwan famfonta, ta nuna kusan 5 °dH. Wannan shi ne ma'aunin da littattafan injuna da yawa ke amfani da shi: ƙasa da 8 ruwa ne mai laushi, sama da 14 mai tauri.

Na ce mata, “Hajiya, ruwanki ba shi da laifi, gatan ne ya yi wa kofunan yawa.”

Abin da ke faruwa shi ne, sabulun injin an yi shi ne ya kama kalsiyam ya kuma ci maiƙo da ragowar abinci. Idan ruwan ba shi da kalsiyam, kwanukan kuma an riga an ɗauraye su, sai sabulun ya rasa abin ci, ya koma kan fuskar gilashin, zafin ruwa kuma yana taya shi. Ɗaga saiti da ƙara sabulu matakai ne na mai ruwa mai tauri, amma ita ƙara hura wutar suke yi. Muka mayar da saitin `H:00` kamar yadda jadawalin littafin injinta ya nuna wa irin ruwanta, ƙwayar sabulu ɗaya, kofuna a wankin gilashi na digiri 40 zuwa 45, kwanuka kuma a kankare ragowar abinci kawai a jera. Waɗanda suka riga suka ciwu sai haƙuri. Ba ta ji daɗin wannan maganar ba, amma na fi son in faɗa mata a ranar da a ce ta ci gaba da sayen magungunan goge gilashi a banza.

Da ruwan nata ya nuna 18 °dH kuma khal ya ɗauke farin, da akasin haka zan yi: in daidaita saitin ya dace da jadawali, in cika gishiri, in wanke injin babu kaya a ciki da maganin cire ɓawo. Nan ne ƙwayoyin sabulun da ake cewa sun haɗa komai suke yaudarar mutane. Masu yin su da kansu sukan rubuta a kwali cewa suna wadatarwa ne ba tare da gishiri ba zuwa kusan 21 °dH. Ni a abin da nake gani, tun ruwa bai kai nan ba gara a zuba gishiri. Kuma gishirin injin ake sawa, mai manyan ƙwayoyi, ba na girki ba, domin na girki gari ne kuma ana haɗa shi da sinadarin hana dunƙulewa. Duk sanda aka zuba, a kunna gajeren wanki nan da nan, don wanda ya zube a ƙasan injin yana jawo tsatsa. Sabulu kuwa ko da wasa kada ya shiga ramin gishiri, yana iya kashe tankin baki ɗaya.

Maganin ɗauraya, wato ruwan nan da ake zubawa a ɗan ramin jikin ƙofa, nasa aikin daban ne, kuma an fi ɗora masa laifin da ba nasa ba. Yana sa ruwan ɗaurayar ƙarshe ya zame daga jikin gilashi a shimfiɗe maimakon ya tsaya ɗigo-ɗigo. Idan ya yi kaɗan, za ka ga tabo zagaye-zagaye inda ɗigon ya bushe. Idan ya yi yawa, sai zane-zane masu ɗan shuɗi da santsi a hannu. Ba ya cire ɓawo, ba ya gyara gilashin da ya ciwu. Mu dai dokarmu a shago ita ce a gyara saitin taurin ruwa tukuna, sannan a taɓa na ɗauraya, mataki ɗaya kacal, a bari a yi wanki biyu ko uku kafin a sake motsa shi. Wanda ya juya su tare, ko kofin ya fito fes ba zai san wanne ne ya yi aikin ba, kuma ranar da aka canza sabulu sai ya sake kiran mu.